Baƙi sun tare a gidan da ke jikin namu: da me zan shiga, me zan ce?

Tambaya: Inna, ina wuni. Ni amarya ce, wata takwas da kawo ni Gadarif. Jiya da magariba wasu mutane suka sauke kaya a gidan da muke haɗa katanga, na ƙirga kamar mutum bakwai har da tsohuwa da jariri, an ce daga wajen Jazira suke. Ina so in yi musu sannu da zuwa in kuma taimaka, amma ina jin nauyi, kada in shiga a ce na cika shisshigi, kada kuma in ƙi shiga a ce ba ni da tarbiyya. Yaya ake yi?

Amsa: Lafiya lau, 'yata. Kafin ki gama karanta wannan, in akwai yaro a kusa ki cika jarka biyu da ruwa ki aika musu, ki ce daga gidan da ke jikinsu ne. Sauran maganar za ta iya jira, ruwan ba zai jira ba.

Ni a garin nan aka haife ni, a nan na yi aure na aurar, kuma shekaru da yawa ni ce mata suke turowa gaba in an yi baƙi a layinmu. Tun da yaƙi ya tashi a nan Sudan a watan Afrilu na 2023, musamman bayan da Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi a Disamban shekarar, sannan Sinja a tsakiyar 2024, na shiga gidajen sababbin tarewa fiye da duk waɗanda na shiga a sauran rayuwata. Abin da na koya a ciki ɗaya ne, kuma na koye shi ne bayan na yi kuskure: kalmar nan da muke faɗa a bakin ƙofa, "in kuna buƙatar wani abu ku yi magana", ba ta taɓa kai wa kowa ko cokalin gishiri ba. Mai faɗa tana jin ta sauke nauyi, mai ji kuma ta ce "to, mun gode", ta rufe ƙofa ta koma cikin ƙishirwarta. Matar da jiya take da gidanta da firjinta da tukwanenta ba za ta buɗe baki ta roƙi amaryar da ba ta san sunanta ba. Saboda haka ke ce za ki ambaci abin da bakinki, abu guda takamaimai, ki faɗi lokacin da zai zo, ta yadda abin da ya rage mata kawai shi ne ta yi shiru ya iso.

Na fara da ruwa ne don nan Gadarif ce. Wanda ya taso a Jazira ya saba da ruwa a gefensa, ga Kogin Nilu ga magudanan gona, bai san garin da ake sayen ruwa a bayan jaki ba. Mu kuwa mun san famfo yana iya yin kwanaki bai ɗiga ba, mai karo ne abin dogaro, wato mai amalanken jakin nan da ke ɗauke da ganga. Yi lissafin da kanki. Ma'aikatan agaji suna ɗaukar lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya zai rayu da shi a rana, sha da girki da ɗan wanke jiki. Mutum bakwai ke nan lita 105, wato jarka biyar da ɗoriya in jarkar mai lita 20 ce. Gangar ƙarfe kuwa tana cin kusan lita 200, ba za ta cika musu kwana biyu ba, balle ga mai jego ko mai goyo da wankin tsummoki, ga kuma gidan da ya daɗe a rufe yana buƙatar shara da yayyafi. Jarka biyun da na ce ki aika ba za su ishe su ba, na sani. Za su dai kai su alwala da shayi da wanke wa jariri jiki har gari ya waye. Taimakon gaske shi ne gobe da sassafe ki tsayar da mai karon da kuke saye a wurinsa, ki nuna masa ƙofarsu, ki gaya wa matar farashin da ke kike biya a gabansa. Baƙo ba ya sanin farashi, kuma ba kowane mai karo ne ke jin tsoron Allah a kan baƙo ba. In kina da tsohon zir, randar nan mai tsinin gindi, ki ara musu. Tsohon ya fi sabo a wannan hali, don sabon sai an jiƙa shi an zubar da ruwan farko kafin ƙamshin ƙasa ya fita. Ki haɗa da murfi da moɗa mai mariƙi, ki kuma gaya mata cewa a nan muna saka ƙwayar kulorin ko mu tafasa na sha, don kwalarar da ta ɓarke a 2024 ba ta bar Gadarif da Kasala ba. In an saka ƙwayar a bi abin da ke jikin takardarta, a jira rabin awa kafin a sha.

Yanzu shigarki ke da kanki. Kada ki shiga suna tsakiyar sauke kaya. Mutum ba ya son a ga tsummansa a tsakar gida, kuma wanda ya gudo daga yaƙi sau da yawa abin da ba ya so a gani shi ne ƙarancin kayan, ba yawansu ba. Kada kuma ki je tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ya kwantar da kowa. Ko da hantsi kafin fatur, wato karin kumallon nan namu na wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ki yi sallama daga gefen ƙofa, ba ki tsaya kina fuskantar cikin gida ba. Sallama uku ce, in ba a amsa ba ki juya ba tare da ɓacin rai ba, haka Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koyar, kuma Suratun Nur ta riga ta ce kada a shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama. Rashin amsawa a ranar farko ba wulaƙanci ba ne. Wataƙila matar tana wanka da rabin bokiti, wataƙila kuka take yi.

Wane harshe za ki yi? Ki fara da sallama, ki bi da Larabcin nan namu: "Hamdilla alas salama", mun gode Allah da kuka iso lafiya, sai "Hababkum ashara", maraba da ku sau goma. Kada ki faɗa musu da Hausa don kin ga kamar namu ne, kada kuma ki tambaya ko su wace ƙabila ce. Jazira cike take da Hausawa, wasu kakanninsu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo hanyar gabas, irin waɗanda suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu kuma mahajjata ne da suka tsaya noman auduga suka zauna. Amma a cikin jikokinsu akwai wanda Hausar ta kuɓuce masa yana jin kunyar hakan, akwai kuma wanda aka sha jifansa da kalmar Fallata ko Takari da sigar raini har ya koyi rufe bakinsa a gaban wanda bai sani ba. Dabarar da nake yi mai sauƙi ce: in tafi da ƙaramin yaro, in yi masa magana da Hausa a gabansu, "ajiye nan, gaishe da Haboba". In Hausawa ne, tsohuwar ce za ta fara cafkewa, za ki ji ta ce "a'a, 'yar gida ce ashe". In ba su ba ne, ba abin da ya ɓaci, haƙƙin maƙwabtaka bai san ƙabila ba. Ayar Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa a jere.

Tsohuwar za ki fara gaisarwa, ki rusuna, ki kira ta Haboba ko Hajja, in ta amsa da Hausa ki koma Inna ko Kaka. Matar gidan in ta girme ki ki ce Yaya ko Hala, kada ki nemi sunanta na yanka, ki tambayi sunan babban ɗanta ki riƙa kiranta da uwar wane. Sai ki faɗi ko ke wace ce a taƙaice: "Ni ce ta gidan nan na jikinku, mai koren ƙofa. Maigidana yana kasuwa, zai zo ya gaisa da daddare." Shi ke nan. Za su ce ki zauna, za su ce bari a ɗora shayi, don ɗan Sudan ko a gindin bishiya ya sauka sai ya yi miki tayin shayi. Ki ƙi cikin ladabi, ki ce kin bar tukunya a wuta. Dalilin shi ne mai yiwuwa sukarin da ke gidan bai wuce na yaran ba, kuma in kika zauna dole ta kashe shi a kanki. Zuwan farko kada ya wuce abin da za a yi salla raka'a huɗu a natse. Idonki kuma ya yi aiki ba tare da ya yi yawo ba: akwai kanun, wato murhun gawayi, ko babu, akwai abin kwanciya, akwai gidan sauro a kan jaririn, fitila tana ci? Abin da kika gani babu shi ne za ki ambata.

Ga abin da ba a tambaya, kuma a nan ne na ƙone. Wata shekara da ta wuce wata mata ta tare a bayanmu da yara huɗu. Na shiga da fara'ata, na gaisa, sai bakina ya zarce na ce "maigidan yana tafe ne?" Ta dube ni, ta dubi babbar 'yarta, ba ta ce komai ba. Daga baya na ji a hanya ya rasu, su suka binne shi. Wata biyu matar nan in ta hango ni sai ta sauya hanya, ba don tana fushi da ni ba, don dai fuskata tana tuna mata. Tun ranar ban ƙara tambayar baƙo mutumin da ban gani ba. Ba na tambayar yadda suka fito, ko me suka bari, ko nawa suka kama hayar gidan, ko har yaushe za su zauna. Ba na kuma tambayar wa ke riƙe da garinsu lokacin da suka baro shi. Wannan ta ƙarshen ba rashin ladabi kaɗai ba ce, a zamanin nan magana irin wannan in ta fita daga bakin mace a wurin jabana, wato zaman shan gahawa, ta zaga unguwa, tana iya jawo wa ɗan mutane zargin da zai kai shi inda ba a so. Idan ita ta buɗe maganar da kanta, ki saurara, ki ce "kaffara, Allah ya mayar da alheri", ki haɗiye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mata za su tare ki a bakin famfo ko wurin niƙa su ce "ke da kika shiga, su waye?" Ki ce mutanen kirki ne, sun gaji, ku je ku gaishe su.

Bari in ba ki labarin wani gida daga farko har ƙarshe, don ki ga yadda abin ke tafiya kwana bayan kwana. Su ma bakwai ne kamar naki: miji da mata, uwar mijin, yara uku da jaririya. Sun sauka da damina, ana gab da isha'i, motar ma ba ta iya shigowa layin ba saboda taɓo. Kin san baƙar ƙasar nan tamu, da rani ta tsage kamar tafin ƙafa, da damina ta riƙe takalmi ta ƙi saki. Samarin layi suka kwaso kayan a ka. A daren na aika jarka biyu, da fulas na shayi da madara, da babban faranti na asida, tuwon nan namu, da miyar busasshiyar kuɓewa wadda muke kira weka. Na zaɓi asida ne don ba ta buƙatar cokali ko faranti daga wurinsu, tsohuwa marar haƙori za ta ci, yaro zai ci. Na rage barkono, na sa shi daban a ɗan kofi. Na haɗa da buta da sabulu da fitila mai caji, don na san gidan ya yi wata uku a rufe kuma mitarsa ba ko sisi. Ban shiga ba, jikana ne ya kai, da saƙo guda: "Inna ta ce ku kwana lafiya, gobe za ta zo, kuma kada a wanke kwanon, da safe zan zo in ɗauka."

Wannan maganar kwanon ki riƙe ta da kyau. Al'adarmu ce, mu da Larabawan duka, kwanon maƙwabci ba ya komawa wayam, sai an sa wani abu a ciki ko dabino ne. Al'ada ce mai kyau a tsakanin waɗanda suka zauna da gindinsu. Amma ga wadda ta sauka jiya, kwanonki a ɗakinta bashi ne. Za ta riƙe shi kwana uku tana neman abin da za ta saka, tana jin kunyar haɗuwa da ke. Shi ya sa ake aika yaro ya karɓo tun ba ta yi tunani ba, shi ya sa kuma ba a kai abinci a cikin kwanon kayan aure mai tsada wanda in ya fashe zai zama magana.

Washegari da hantsi na shiga, na gaisa kamar yadda na gaya miki, na ga abu uku: ba su da abin girki, tsohuwar a ƙasa ta kwana a kan tabarma, jaririyar kuma ba gidan sauro. Ban ce "me kuke so" ba. Na ce wa matar, "Ina da kanun biyu, ɗaya yana zaune, yanzu yaro zai kawo shi da gawayin kwana biyu. Akwai angarib a rakubarmu ba mai hawa, Haboba ta riƙe shi har ku yi naku." Angarib gadon igiya ne, rakuba kuma rumfa. Kin ji yadda na faɗa: yana zaune, ba mai hawa. Ana nuna wa mutum cewa abin bai rage ki da komai ba, sai ya karɓa da sauƙin rai. Kin kuma ji na sa iyaka, gawayin kwana biyu, gado har ku yi naku. Iyakar nan ba rowa ba ce. Ita ce ke hana ranar da za ki buƙaci kayanki ki rasa bakin tambaya, ita kuma ta rasa sanin aro ne ko kyauta. Yawancin faɗan maƙwabta da aka kira ni sulhu a kansa daga nan ya samo tushe, wata ta ce na ara mata, wata ta ce ai ba ni ta yi. Gidan sauro kuwa kyauta na ba su na kuma faɗa da baki cewa kyauta ce, don damina a Gadarif ba a wasa da zazzaɓin cizon sauro, ga dengi da ta addabi garin a 2023. Na ce mata ta riƙa rufe duk abin da ta tara ruwa a ciki, saboda sauron dengi a ruwa mai tsabta na cikin gida yake ƙyanƙyasa, ba a kwata ba. Na ƙara mata da cewa ta cika duk mazubinta in ta ga hadari, don in aka yi ruwa mai ƙarfi karo ba ya shigowa layinmu sai ƙasa ta sha iska.

Ɓangaren maza kuma maigidana ya riƙe. Ke ma ki gaya wa naki tun yau, don gaisuwarki ba ta ɗauke masa tasa. Bayan magariba ya ƙwanƙwasa, suka gaisa a waje, ya ja mutumin zuwa masallaci isha'i, ya gabatar da shi ga liman da dattawan layi da kalma ɗaya, maƙwabcina ne. Wannan kalmar tana da nauyi, daga ranar ba mai yi masa kallon baƙon ido. Shi ya nuna masa yadda zai sa wuta: lambar mitar tana jikinta, a saya ta manhajar banki ta Bankak ko a wurin mai shago, a samu lambobi ashirin a danna. In a unguwarku kwamiti yana rubuta sunayen sababbin zuwa, mijinki ya raka shi da ƙafarsa, ya fi a aiko a kira shi. Idan kuwa kika lura gidan ba namiji babba, to mijinki ya yi sallama sau ɗaya daga waje, da rana, ya yi wa tsohuwar barka da zuwa ya tafi, duk sauran hulɗa ta bi ta hannunki. Kada ya zama mai yawan leƙawa da sunan taimako. Bakin mutane ba ya raga wa bazawara, ba ya kuma raga wa amarya.

Abu biyu na hana maigidana, kuma ke ma ki hana naki. Na farko jan waya ta kan katanga don a ba su wuta. Da damina hatsari ne ga yara, kuma ranar da mitarku ta fara cinye kuɗi da sauri zuciya za ta fara ƙirga fankar maƙwabci. Gara ki ce su kawo waya a yi musu caji, ki ware musu gefe a firji don maganin tsohuwa ko ruwan sanyi. Na biyu shi ne kai baƙo wurin mai kanti a ce "wannan nawa ne". Na taɓa yi. Mai kantin ya buɗe wa mutanen jarura, littafin bashin nan, bisa fahimtar cewa ni na tsaya musu. Bayan wata huɗu suka tashi ba sallama, ya zo ƙofata da littafinsa, kuma ba yadda na iya, na biya. Nuna kanti daban, tsayawa daban. In za ki nuna, ki ce "ga sabuwar maƙwabciyarmu" ki tsaya nan. In kin yi niyyar tsaya mata, ki faɗi adadin da kika ɗauka a gaban mai kantin, kuma da sanin mijinki.

Abinci kwana uku na kai, safe da dare a ranar farko, sau ɗaya a rana ta biyu da ta uku. Kwana uku shi ne ma'aunin baƙunta a hadisi, kuma na ga hikimarsa da idona: ƙasa da haka ba su gama gano kasuwa da injin niƙa ba, fiye da haka kuma sai matar ta fara jin kamar almajira ce a gidanta, ke ma tukunyarki ta fara kuka. Kuma ba ni kaɗai na yi ba. Na gaya wa gidan da ke kallonsu su ma su kai a rana ta biyu. Ke amarya ce, abin hannunki kaɗan ne, kada ki ɗora wa kanki ciyar da mutum bakwai. Annabi ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta, bai ce ya yanka rago ba. Ya kuma ce wa mata kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Da Nana A'isha ta tambaye shi wanne za ta ba cikin maƙwabta biyu, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. Ke ce mai katanga ɗaya da su, shi ya sa farawa ta faɗo kanki, amma ki nemi babbar mace a layinku ki sanar da ita, ta san yadda za ta raba sauran. Hakan zai kuma kare ki daga masu cewa yarinya ta zo jiya tana neman suna.

Yaya za ki gane kin wuce gona da iri? Alamomin ba su da wuyar gani. In kika yi sallama aka daɗe ana motsi kafin a buɗe, in matar ta fara tare ki a bakin ƙofa ba ta matsa miki hanya ba, in yaranta suka daina shigowa gidanki alhali da suna shigowa, in godiyarta ta yi yawa har ta fi abin da kika kawo, to ki ja baya kwana biyu, gaisuwa ta kan katanga ta isa. Wasu mutanen kuma haka Allah ya yi su, ba sa son shige da fice, ba laifinki ba ne, haƙƙinsu a kanki bai faɗi ba: sallama, barin cutarwa, da zuwa in an yi rashin lafiya ko rasuwa. Akwai kuma ɗaya gefen, inda aike zai fara yawa, yau sukari gobe mai jibi kuɗin mota. Nan ma ba a yin fushi. A ba da abin da aka iya, a ce "yau kam babu" da sakin fuska, a nuna mata takiyya, wurin rabon abincin sadaka, in ana dafawa a unguwa, ko a shigar da ita adashen mata in ta fara samun abin hannu.

A gidajen da na taso akwai naffaj, 'yar ƙofar nan da ake hudawa a katanga tsakanin gida biyu don mata su riƙa ratsawa ba sai sun fita titi ba. Yanzu an rage yinta, kuma ko da ana yi ba a huda ta a makon farko. Sai an ga juna da rani an ga juna da damina. Na faɗi haka ne don kada ki ɗauka zumuncin da kika ga tsofaffi suna yi a rana ɗaya ya ginu, ki matsa wa kanki ki matsa wa baiwar Allah.

Mutanen nan bakwai kuwa, a rana ta tara na yi abin da nake yi wa kowace sabuwar maƙwabciya in na ga ta fara tsayawa da ƙafarta: na je na roƙe ta abu. Na lura kisrarta, gurasar dawar nan tamu, ta fi tawa laushi nesa ba kusa ba, siririya kamar takarda, irin ta matan Jazira. Na shiga na ce, "Uwar wane, gobe ina da baƙi, ƙulluna ya ƙi tsami, ki taimaka mini da ɗan tsohon ƙullunki in haɗa, in kuma da hali ki zo ki nuna wa jikata yadda kike jan gargariba a kan doka." Gargariba ita ce abin shimfiɗa ƙullu, doka kuma farantin da ake gasa kisra a kai. Ƙulluna lafiyarsa lau, Allah ya yafe mini. Amma da kin ga yadda matar ta miƙe. Ta zo da safe da zanenta a ɗaure, ta karɓe murhun, ta yi wa jikata faɗa a kan ta cika wuta, ta yi mini faɗa ni ma a kan dokata ba ta sha mai sosai ba. Ranar ce ta fara zama ta sha jabana a gidana, kofi uku, kuma ranar ce da bakinta ta ba ni labarin hanyar da suka biyo, ban tambaye ta ba. Angarib ɗin ya dawo bayan wata biyu da sabuwar igiya, mijinta ne ya sake saƙa shi.